Daga faifai zuwa rumbu: yadda ake sa karatu ya zauna a ka

Ka tsaya minti biyar a gaban rumfar masu tura kuɗi a Kwangila da ke Zariya ka kasa kunne. Ba za ka rasa wanda aka karanto wa lambar asusu ta waya ba, lamba goma cur, yana ta nanata ta a bakinsa yana jiran layi ya zo kansa. Sai wani ɗan unguwarsu ya dafa kafaɗarsa: "A'a, Malam, ina wuni? Ya iyali?" Kafin ya gama amsa gaisuwa lambar ta bi iska, dole ya sake kiran waya. Mutumin nan ya maimaita lambar ya fi sau ashirin. Amma tambaye shi sunan malamin da ya koya masa baƙi da wasali shekara talatin da suka wuce, nan take zai faɗa maka, har da kalar rawaninsa.

Ina koyarwa a makarantar sakandare da rana, da daddare kuma ina da ajin manya a wata Islamiyya a Tudun Wada. Kukan da na fi ji a wuraren biyu iri ɗaya ne: "Malam, wallahi na karanta ya fi a ƙirga, amma ya ƙi zama." Abin yana damuna ƙwarai, domin masu wannan kuka ba ragwaye ba ne. Su ne masu hana idonsu barci, kuma da yawansu daga ƙarshe sukan yanke wa kansu hukunci cewa ba su da ƙwaƙwalwa. Suna da ita. Abin da ya faru da su shi ne abin da ya faru da mai lambar asusu a Kwangila.

Faifai

Tunawa ba abu guda ba ce. Akwai ɗan wurin da hankali yake riƙe abin da yake aiki da shi a yanzu-yanzu: lambar da aka karanto maka, farkon jimlar da kake karantawa kafin ka kai ƙarshenta, canjin da kake lissafawa a ka a kasuwar Sabon Gari. Masana suna kiransa ƙwaƙwalwar aiki, kuma Alan Baddeley da Graham Hitch ne suka fayyace tsarinta a 1974. Ni a aji nakan kira ta faifai, don a kansa ake tsince hatsi, amma ba wanda yake ajiye abincin shekara a kai.

Faifan nan ƙarami ne. A 1956 George Miller ya ce yana ɗaukar abu kamar bakwai, ko sama ko ƙasa da biyu. Daga baya, a 2001, Nelson Cowan ya nuna cewa in aka hana mutum nanatawa da ɗaure abubuwa rukuni-rukuni, abin da yake iya riƙewa bai wuce kamar huɗu ba. Kuma ba ya riƙo da daɗewa. A 1959 Lloyd Peterson da Margaret Peterson sun riƙa ba mutane baƙaƙe uku kacal su riƙe, sai su sa su ƙirga lamba da baya uku-uku don kada su samu damar nanatawa. Bayan daƙiƙa 18, kusan kashi 10 cikin ɗari kawai na baƙaƙen ake iya kawowa daidai. Gwada da wani a gida yau: ce masa "ƙ, r, f", nan take ka ce ya fara daga 506 yana rage uku-uku da ƙarfi, 503, 500, 497, ka duba agogo, bayan daƙiƙa ashirin ka tambaye shi baƙaƙen.

To me nanatawa take yi? Sautin da ka ji ko ka faɗa a zuci yakan dushe cikin kamar daƙiƙa biyu, sai ka sake faɗarsa ya dawo sabo, ya sake dushewa, ka sake faɗa. Aikin nanatawa ke nan: sabunta abin da ke kan faifai don kada ya zube. Da zarar ka daina, ko aka gaishe ka, ya tafi.

Rumbu

Ɗaya wurin shi ne ma'ajiyar dogon lokaci, inda harshenka yake, da hanyar gidanku, da Fatiha, da fuskar kakarka. Wannan rumbu ne, sai dai ya bambanta da na ƙasa ta fuska biyu. Ba a san iyakar abin da yake ɗauka ba, don haka maganar "kaina ya cika" faifai ne ya cika, ba rumbu ba. Sannan ba a zuba abu a cikinsa sako-sako. Kowane sabon abu sai an ɗaure shi da wani da ke ciki, kuma da wannan igiyar ake jawo shi ranar da aka buƙace shi.

Hujja mafi ƙarfi cewa wuraren biyu daban suke ta fito ne daga wani mara lafiya Ba'amurke, Henry Molaison. A 1953 aka yi masa tiyata saboda farfaɗiya, aka cire wani yanki daga gefe biyu na ƙwaƙwalwarsa, har da mafi yawan sashen da ake kira hifokamfus. Ya tashi da hankalinsa, yana hira, yana tuna ƙuruciyarsa. Amma sabon abu ya daina shiga masa rumbu. Brenda Milner, wadda ta yi shekaru tana nazarinsa, ta taɓa ba shi lamba 584 ya riƙe. Ya riƙe ta har minti 15 yana ta juya ta a ransa. Da aka ɗauke masa hankali da wata magana, ba lambar kaɗai ya manta ba, ya manta ma an ba shi wata lamba. Faifansa lafiya lau, nanatawarsa lafiya lau, amma ko ƙwaya ɗaya ba ta wuce ba.

Rumbu kuma yana faɗaɗa faifai. Kalli wannan sau ɗaya ka kau da kai: 180419601962. Lamba 12, ta fi ƙarfin faifan kowa. Yanzu raba ta huɗu-huɗu: 1804, shekarar da jihadin Shehu Usmanu ya fara, 1960, 'yancin kai, 1962, shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Ta koma abu uku. Faifanka bai ƙara girma ba, abin da ka riga ka sani ne ya ɗaure maka lambobin dami-dami. Ka riƙe wannan, don shi ne matakin farko na aikin da za mu yi a ƙasa.

Abin da ya sa nanatawa kaɗai take cin amanar mai karatu

A 1973 Fergus Craik da Michael Watkins sun yi wani gwaji mai sauƙi. Ana karanto wa mutane jerin kalmomi, an ce musu su riƙe kalma ta ƙarshe da ta fara da wani harafi. Da a Hausa ne, a ce harafin "g": ka ji "goro" ka riƙe, kalmomi suna wucewa kana nanata "goro", sai "gyaɗa" ta zo ka saki goro ka kama ta. Ta haka wata kalmar an nanata ta na ɗan lokaci kaɗan, wata an daɗe ana nanata ta. A ƙarshe, ba zato, aka ce su kawo duk kalmomin "g" da suka ji. Wadda aka daɗe ana nanatawa ba ta fi wadda aka saki da wuri zama ba.

Kana da irin wannan shaida a aljihunka. Sau nawa takardar naira 500 ta ratsa hannunka? Kada ka ciro ta. Me ke bayanta? Yawancin waɗanda na tambaya sun san Nnamdi Azikiwe ne a gaba, amma su yi shiru a kan bayan, alhali hoton na'urar haƙar mai ce a cikin teku. Ido ya gani sau dubbai, hankali bai taɓa yin wani aiki a kai ba.

Wurin da ya fi cutar da ɗalibi shi ne nan: maimaita karatu yana sa shafi ya zama sananne. Karo na biyar idonka yana gudu a kan layuka ba tuntuɓe, zuciya ta ce "na san wannan." Gaskiya ne ka gane shi, kamar yadda kake gane fuskar mutumin da kuke haɗuwa a masallaci amma ba ka iya kawo sunansa. Ganewa daban, kawowa da ka daban, kuma ranar jarrabawa ko ranar da aka yi maka tambaya a zaure, kawowa ake nema. Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun auna wannan a 2006. Wasu ɗalibai sun karanta wani ɗan rubutu a zama huɗu na minti biyar-biyar. Wasu sun karanta a zama ɗaya, sauran zama ukun aka karɓe takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaitawa ne a gaba, kashi 83 cikin ɗari, ɗayan rukunin 71. Bayan mako guda labari ya juya: masu maimaitawa sun faɗo 40, masu kawowa da ka suna 61. Kuma da aka tambaye su tun farko, masu maimaitawar ne suka fi sakankancewa za su tuna.

Na san abin da mutumin Zazzau zai ce a nan, don an sha faɗa mini: "To mahaddata fa? Ba da maimaitawa suke haddace izu sittin ba?" Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana cikin makarantar allo kanta. Ka zauna ka lura da abin da almajiri yake yi da gaske. Yana rubuta allonsa da hannunsa. Yana biyawa, sannan ya kifa allon ya kawo da ka. Yana zuwa gaban malam ya kawo hadda, in ya kuskure a gyara masa nan take. Ba a wanke allo sai ya zauna. Da asuba ya yi tilawar na baya, gobe ya sake, jibi ya sake, kuma mahaddacin da ya bar muraja'a wata biyu ya san abin da zai tarar. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya kwatanta kuɓucewar Alƙur'ani da ta raƙumi daga dabaibayinsa. Wato abin da muke kira maimaitawa a can ya ƙunshi kawowa da ka, da gyara, da tazarar kwanaki. Ɗalibin da ya buɗe littafi yana bin layi da ido sau goma a dare ɗaya ya ɗauki sunan aikin ne kawai, ya bar aikin.

Aikin a aikace: masu rabo 21

Bari in nuna matakan da abin da ya faru a ajina. Mun iso babin gado, inda ake son ɗalibi ya riƙe rabo shida da Alƙur'ani ya ƙayyade, rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi, da waɗanda suke cin kowanne, su 21 a ƙirgar da aka saba. Wani ɗalibina, tela ne a Sabon Gari, magidanci mai 'ya'ya huɗu, ya tsaya bayan an tashi. Ya nuna mini takardar da ya kwafe jerin, ta yi laushi saboda ninkewa, ya ce yana liƙa ta a jikin keken ɗinkinsa yana karantawa kullum, mako biyu ke nan. Na karɓi takardar na kife ta a kan benci na ce, "Bismillah, kawo." Ya kawo shida, biyu daga ciki ya sa su a rabon da ba nasu ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah gafarta Malam, ni kam girma ya zo, kan ya toshe." Na ce masa kan bai toshe ba, mu ba shi wata guda ta wata hanyar.

Mataki na farko, rage kayan su dace da faifai. Abu 21 ba ya hawa wurin da ke ɗaukar huɗu, don haka kafin a fara haddacewa sai a nemi yadda abin ya ɗauru da kansa. Na sa shi ya rubuta rabon shida a layi biyu. Layin sama: rabi, rubu'i, sumuni, kowanne rabin na gabansa. Layin ƙasa: sulusi biyu, sulusi, sudusi, su ma haka. Abu shida ya koma biyu. Malaman fara'ili ma sun daɗe da irin wannan dabara: kalmar "haba dabaz", wadda a lissafin abajada take ba da 5, 2, 1, 4, 2, 7, adadin masu cin kowane rabo bi da bi. Amfaninta shi ne in ka kawo masu sudusi shida, ka san saura ɗaya.

Mataki na biyu shi ne wanda ya fi cin lokaci, kuma shi ne wanda masu gaggawa suke tsallakewa: a yi wa kowane dami tambayar "me ya haɗa su?" Muka ɗauki miji da mata. Miji yana da rabi in matar ba ta bar ɗa ko 'ya ko jika ta wajen ɗa namiji ba, in ta bari ya koma rubu'i. Mata tana da rubu'i, in akwai ɗa ko 'ya ta koma sumuni. Na tambaye shi me ya gani. Ya yi shiru, can ya ce, "Ashe duk a layin sama suke. In akwai ɗa kowa ya sauka taki ɗaya, kuma mata tana bayan miji da taki ɗaya." Da bakinsa ya faɗa, ba ni na faɗa masa ba, kuma wannan jimla guda ta kwashe huɗu daga cikin 21. Muka koma kan mata huɗu masu cin rabi in ɗaya ce tilo ba namiji a matsayinta: 'ya, 'yar ɗa, 'yar'uwa shaƙiƙiya, 'yar'uwa ta wajen uba. Sai na ce ya duba masu sulusi biyu. Ya ɗago kai ya ce, "Su ne dai, in sun kai biyu ko fiye." Takwas sun tafi a dami ɗaya. Cikin minti ashirin an ɗaure 12, saura tara: biyu masu sulusi, wato uwa da 'yan'uwa ta wajen uwa in sun kai biyu, da bakwai masu sudusi. Su ma bakwai ɗin suka rabu uku: na sama su huɗu, uba da kaka namiji da uwa da kaka mace, sai mata biyu masu cike sulusi biyu, 'yar ɗa tare da 'ya guda, da 'yar'uwa ta uba tare da shaƙiƙiya guda, sai ɗan'uwa ko 'yar'uwa ta wajen uwa in shi kaɗai ne. Sharuɗɗan kowannensu da babin hajabu, wato yadda wani magaji yake tare wa wani gado, karatu ne na gaban malami, ba su nake koyarwa a nan ba. Abin lura shi ne jerin da ya yi mako biyu yana kallo a matsayin layuka 21 marasa dangantaka ashe dami biyar ne ko shida.

Wannan ya dace da abin da Craik da Endel Tulving suka samu a 1975: kalmar da aka yi wa mutum tambaya a kan ma'anarta ta fi zama nesa ba kusa ba a kan wadda aka tambaye shi kamannin rubutunta ko amon sautinta, ko da lokacin da ya ɓata a kansu kusan ɗaya ne. Na kuma ƙara masa igiya guda: ya ɗora kowane suna a kan mutum na gaske a danginsa. "'Yar'uwa ta wajen uba" ta daina zama kalma, ta zama yayarsa da ke aure a Kusfa.

Mataki na uku, kife takarda ka kawo, amma ba nan take ba. Nan mutane da yawa suke ruɗin kansu. In ka karanta layi ka rufe ido ka faɗe shi a daƙiƙar, daga faifai ka ɗauko shi, ba ka gwada rumbu ba sam. Sai ka bari faifan ya zube tukuna. Na ce masa in ya gama nazari ya tashi ya yi wani abu na minti biyar zuwa goma, ya yanka yadi ko ya sa maɓalli, sannan ya ɗauki farar takarda ya rubuta duk abin da ya iya ba tare da leƙe ba. In abu ya maƙale, ya yi ta lalube kamar rabin minti kafin ya haƙura, don wannan laluben shi ne yake ƙarfafa igiyar. Zai ji wuya, zai ji kamar karatun ya fi tafiya a hankali fiye da da. Haka yake, kuma alama ce mai kyau.

Mataki na huɗu gajere ne amma ba a barinsa: buɗe littafi ka gwada da abin da ka rubuta, ka yi wa kuskure alama da jan biro, ka sake kawo wanda ka kuskure kafin ka tashi. Wanda yake kawowa da ka ba ya dubawa, kuskurensa yake haddacewa.

Mataki na biyar, raba zaman a kan kwanaki. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa tana da sauri a sa'o'in farko sannan ta lafa, kuma karatun da aka rarraba a kwanaki ya fi wanda aka dunƙule a zama ɗaya. Jadawalin da na ba tela shi ne wanda nake ba kowa: daren da aka yi karatun, washegari, bayan kwana uku, bayan mako, bayan mako biyu, sannan bayan wata. Kowane zama minti goma, kuma kowanne da farar takarda yake farawa, ba da littafi ba. Waɗannan ranaku tsarina ne, ba doka ba. Ƙa'idar da ke ƙarƙashinsu ita ce gwargwadon nisan ranar da kake son tunawa, gwargwadon faɗin tazarar. In ka zo zama ka kawo komai ba ko gargada, tazarar ta yi kusa, ƙara ta. In ka kasa kawo ko rabi, ta yi nisa, rage ta. Kuma abin da ka kawo daidai sau ɗaya kada ka cire shi daga jerin gwaji, ci gaba da kawo shi a zama na gaba.

A tsakanin waɗannan ranaku akwai barci, kuma ba hutu kawai yake ba. A cikinsa hifokamfus yake sake bin abin da aka koya da rana yana ƙarfafa shi. Shi ya sa nake jin takaici in na ga ɗalibai sun kwana a aji da shayi daren jarrabawa. Abin da suka tara zai iya kai su safiya, amma bayan mako ba za a tarar da abin kirki ba, kuma zangon gaba a kansa za a yi gini.

Mataki na ƙarshe, yi aiki da abin. A zama na huɗu na ba shi mas'ala: mutum ya rasu ya bar mata, uwa, 'ya guda da ɗan'uwa shaƙiƙi, abin da ya rage bayan biyan bashi da wasiyya naira 2,400,000. Ya fara yi a ka, ya kai kan uwa sai ya ce rabon matar ya ɓace masa. Na ce wannan faifai ne ya cika, ba mantuwa ba ce, rubuta kowane mataki a ƙasa don faifan ya samu wurin tunani. Ya rubuta: akwai 'ya, don haka mata ta sauka zuwa sumuni; uwa sudusi; 'ya tilo rabi; ɗan'uwa ya ɗauki abin da ya saura. Ya raba dukiyar kashi 24, kowane kashi naira 100,000. Mata 3, uwa 4, 'ya 12, saura 5. Wato 300,000 da 400,000 da 1,200,000 da 500,000. Mas'ala ɗaya irin wannan ta sa shi jawo dami uku daga rumbu, kuma ta jawo su ta ƙofar da za a buƙace su a rayuwa, ba a jeren da suke a littafi ba.

Inda abin yakan karkace

Ba lami lafiya muka kai wata ba. A zama na uku ya dawo yana sa kaka mace a masu sulusi, sau biyu a jere. Irin wannan kuskure mai maimaita kansa a wuri ɗaya ba ƙarancin bita ba ne, abubuwa biyu masu kama ne suke shiga wa juna, kamar yadda ayoyi masu kama suke yi wa mahaddaci. Ƙarin karanta jerin duka ba ya warkar da shi. Sai a ciro biyun a ajiye su gefe da gefe a nemi abin da ya raba su. Muka rubuta uwa da kaka a layi ɗaya: uwa tana da hali biyu a jerin, sulusi ko sudusi, kaka kuwa sudusi kaɗai gare ta. Bai sake kuskure a nan ba.

Wata alamar kuma: in kana iya kawo abu daga farko zuwa ƙarshe kamar waƙa, amma aka tsinko maka tambaya daga tsakiya sai ka koma farko kana bi, to sautin ka riƙe, igiya ɗaya ce tak, kuma ranar da ta tsinke komai ya tafi. Maganinsa a sa wani ya riƙa yi maka tambaya a hargitse, daga ƙasa, daga tsakiya, ko a juye: maimakon "su wa ke da sumuni?" a ce "mata tana da hali nawa?" Tela ya ba babbar 'yarsa takardar, ita take yi masa tambaya bayan sallar isha'i.

In kuwa ka karanta sakin layi sau uku ba ka iya faɗar abin da yake nufi da kalmominka, kada ka fara haddacewa tukuna. Ko dai akwai kalmar da ba ka sani ba tana cinye maka wuri a faifai, ko wani abu yana raba maka hankali. Waya a gefe tana ƙara, rediyo yana magana, duk a faifan nan mai ɗaukar huɗu suke sauka, kuma maganar mutane ta fi kowace ƙara ɓata riƙon kalmomi ko da ba ka saurare ta da gangan ba. A shagon tela ba a rasa hira, don haka muka mayar da zamansa na minti goma zuwa bayan sallar asuba, kafin gida ya tashi.

Ranar da wata ya cika ban gaya masa za a yi gwaji ba. Bayan an tashi na miƙa masa farar takarda. Ya ja layi biyu, ya rubuta 5, 2, 1 a sama, 4, 2, 7 a ƙasa, ya fara cikewa. Ya kawo 20. Ya ƙirga masu sudusi ya ga shida, ya tsaya yana taɓa yatsunsa yana kiran sunayen danginsa ɗaya bayan ɗaya, har ya iso kan ƙanensa da suka haɗa uwa, ya rubuta na bakwai. Jimillar lokacin da ya ɓata a zama shidan nan, in aka haɗa da daren da muka ɗaure dami, bai kai sa'a biyu ba. Na rubuta masa ranar zama na gaba a ƙasan takardar, bayan wata biyu, muka shiga babin hajabu.